Lambobi Uku a Shafin Kilishi

Ina tsoma nama cikin labun kilishi Madam Laetitia ta kira daga Duwala. Ita ce babbar mai sayen kilishina a kudu, tana da shago, kuma duk matan da ke saye a wurina ta can ita ta kawo su. Na ce wa matata Karimatu ta ɗauka ta sa mini a kunne, hannuna duk ƙuli da yaji.

Ba ta ko gaishe ni ba. Ta ce me ya sa nake rubuta wa ƙawayenta a Fesbuk cewa su tura avans, wato kuɗin kafin alƙalami, a wata sabuwar lamba.

Na ce ban rubuta wa kowa ba. Ni ba na ma rubutu, Karimatu ke yi.

Karimatu ta ce ita ma ba ta rubuta ba.

"To wani yana cikin shafinku," in ji Madam Laetitia. "Mata biyu sun tura, babu kilishi, babu amsa. Ni suke zagi, Mahfuzu, don ni na ce ku mutanen kirki ne. Ka gyara. In ya sake faruwa zan gaya wa kowa a guruf ɗinmu na mata kada a ƙara saye daga Garwa."

Ta kashe.

Wannan shafi ba ni na buɗe shi ba. Yayana Halliru ya buɗe, Allah ya jiƙansa, shi ke da kan irin waɗannan abubuwa. Ni nawa wuƙa da asabari da wuta. Shi ya ɗauki hotuna, shi ya samo mutanen Yawunde da Duwala, har ya zama abin da muke kaiwa tashar mota ya fi abin da muke sayarwa a bakin kasuwa. Da ya rasu shafin ya zauna a wayata da wayar Karimatu, don ita ta yi makaranta, tana karanta Faransanci. In babu shafin nan, na koma mai tire a bakin hanya.

Na wanke hannu, na hau moto, wato babur ɗin haya, zuwa wurin Madam Arlette.

Arlette tana da rumfar gyaran waya a gefen babbar kasuwa. Mace ce babba, ta girma cikin Hausawa, Hausarta tana da Fulatanci a ciki da Faransanci a sama. Ba ta da fara'a, shi ya sa nake zuwa wurinta. Masu fara'a sun cika cin kuɗi.

"Jam na, Patron? Lafiya?"

"Ba jam. Ɓarawo ya shiga wayata."

Ta karɓa ta duba saƙonni. Ta ga inda aka rubuta wa matan, da Faransanci mai kyau wanda ya fi na Karimatu. Ta ce ba wayata ya shiga ba, shafin ya shiga, daga tasa wayar.

Na ce ai shafin a wayata yake.

Ta ce a'a.

Na ce ga shi nan ina gani.

"Patron, mene ne modepas ɗinka, kalmar sirrin shiga?"

Na ce ban san shi ba. Yaya ne ya sa, ya gaya wa Karimatu. Aka kira Karimatu ta faɗa, aka gwada, ya ƙi. Arlette ta ce an canza shi. Ta danna wurin da ake cewa an manta, sai Fesbuk ya tambaya ina za a tura kod, lambobin tabbatarwa. Ta zaɓi lambata, kod ya shigo, ta sa sabon modepas. Ta sa na maimaita shi har sai da ya zauna mini.

Na miƙe zan tafi. Ta ce in zauna, ba a fara ba.

"Yaya ba a fara ba? Kin canza makulli."

"Na canza. Amma in ya bar lambarsa a ciki, gobe shi ma zai ce ya manta, a tura masa kod kamar yadda aka turo maka yanzu."

Ta shiga wani wuri, ta shiga wani, ta juyo mini da wayar. Akwai imel guda, haruffa da lambobi a cakuɗe. Ta ce nawa ne? Na ce ban taɓa mallakar imel ba, Yaya ma da lambar waya ya buɗe. Ta goge shi. Aka tambayi modepas, ta sa, ya tafi.

A ƙasa akwai lambobin waya uku.

"Wacce ce taka?"

Na duba. Duka da shida suka fara. Gaskiya ban san tawa a ka ba, ba na kiran kaina. Sai da ta kira wayarta da tawa ta gani, ta ce ta sama ce. Saura biyu.

Ta fara karanta ta tsakiya, na ƙarasa mata kafin ta kai rabi. Wannan ko daga barci aka tashe ni zan faɗe ta. Lambar Yaya Halliru ce. Shekaru ina kiranta daga kasuwar Pitowa in gaya masa farashin sa, ya ce saya ko bari.

"Ta ukun fa?"

Ban san ta ba. Karimatu a waya ta ce ba tata ba ce. Arlette ta koma cikin saƙonnin da aka tura wa matan, ta ga ita ce lambar da aka ce su tura avans. Ta goge ta. Na ji daɗi kamar na tsinka masa mari.

Sai ta ɗora yatsa kan ta Yaya.

"Wannan ma a cire. Mai ita ya rasu."

"Kada ki taɓa."

"Wa ke riƙe da layin?"

"Ni."

Ba ƙarya na yi ba. Bayan rasuwarsa mutane suka yi ta kira suna neman Halliru, ni kuma kullum in ce ya rasu, a yi salati, a yi kuka, gobe wani ya sake kira. Na gaji. Na cire pus ɗin, wato ɗan katin layin, daga wayar, na naɗe shi a takarda, na sa cikin gwangwanin da nake ajiye katin shaida. Wayar na ba matarsa ta tafi da ita gidansu a Mindif. Pus ɗin yana ɗakina, ƙarƙashin katifa. Wa zai karɓi kod a layin da ke ƙarƙashin katifata?

Haka na gaya wa Arlette. Ta ɗaga kafaɗa, ta ce in dai yana hannuna shi ke nan. Mutane uku suna jiranta da fasassun wayoyi, ba ta ja maganar ba.

Daga nan ta buɗe wurin da ake ganin wayoyin da ke cikin shafin. Nan kaina ya kwance. Wayoyi huɗu. Uku Tecno ne. Ɗaya an rubuta Yawunde, biyu Duwala, ɗaya ba gari. Babu Garwa ko ɗaya.

"Ɓarayi huɗu ne?"

"A'a. Wannan ta sama taka ce. Ga shi an rubuta wannan na'urar."

"An rubuta Duwala."

"E."

"Ni ina Duwala?"

Ta ce garin da ake rubutawa ba inda mutum yake tsaye ba ne, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ya bi ya fita ne, kuma na arewa sau da yawa ta kudu yake fita. Na ce to in tawa tana cewa Duwala alhali ina Garwa, ta ɓarawon da ke cewa Yawunde tana ina? Ta ce ba ta sani ba. Yana iya zama Yawunde, yana iya zama wancan mai sayar da caja da ke kallonmu.

Na juya na kalli mai cajar. Ya ɗauke kai.

Na ce to ta cire ta ɓarawon ta bar ta Karimatu. Ta ce wacce ce ta Karimatu? Na ce Tecno. Ta ce uku ne. Na ce mai jan marfi. Ta kalle ni, ta danna ta fitar da su duka ban da tawa.

Na biya ta, na kira Madam Laetitia na ce an gama, an kore shi. Ta ce za ta gani.

Da na koma gida Karimatu tana zaune a tsakar gida da wayarta a cinya.

"Malam, an fitar da ni."

"An fitar da kowa."

"Kai ba a fitar da kai ba."

Na ce ai ni ne mai shafin. Ta ce wato ita ake zargi. Na ce ban ce ba. Ta ce ba sai na ce ba, shekara nawa tana amsa wa mutane tana toya ƙuli da hannu ɗaya, yau an kore ta tare da ɓarayi. Na ba ta sabon modepas ta koma ciki. Ta koma, amma tuwon ranar a rufe ta ajiye mini shi ta shige ɗaki.

Ta rubuta a shafin cewa an yi mana kutse, kada kowa ya tura komai sai ya ji muryata. Matan biyun na haɗa musu kilishi na kai tasha, don ba laifinsu ba ne. Kwanaki suka ɗan wuce lafiya.

Ranar Lahadi ina Pitowa ina taya wani bijimi, Karimatu ta kira. Ta ce shafin ya rufe a wayarta, yana neman modepas, ta sa ya ƙi. Na duba tawa. Ni ma haka. Bafulatanin yana ce mini in ƙara wani abu, ni ina kallon waya kamar sakarai. Na bar masa sansa na shiga mota.

Arlette ba ta buɗewa Lahadi. Na je gidanta na same ta ta dawo daga coci, da ɗankwali da takalmi mai tsini. Ta ce ba ta aiki yau. Na ce ni ma ban yi niyyar aiki da ita yau ba, aikinta ne bai riƙe ba.

Wannan ya ɓata mata rai. Ta fizge wayar ta zauna a bakin ƙofa.

Ta sake cewa an manta, kod ya sake zuwa lambata, muka shiga. Ta ce na yi sa'a bai cire lambata ba. Ta ce watakila yana so in ci gaba da kawo masa masu saye ne, shi ya sa ya bar ni, amma ran da ya gaji zai cire ta, kuma ranar sai dai in tura hoton katina ga Fesbuk in zauna ina jira, ga shi shafin ma da sunan mamaci yake.

Bai kai ga rubuta wa kowa ba tukuna. Ko ya rubuta ya goge, ba mu sani ba.

A wurin lambobi yanzu biyu ne, tawa da ta Yaya. Bai ƙara tasa ba. Amma akwai sabon imel. Arlette ta karanta shi a hankali: kilishi, ɗigo, halliru, garwa.

"Wannan namu ne," na ce.

"Ka ce ba ku da imel."

"Ga sunan Yaya."

"Ranar nan babu shi. Ni na duba da idona."

"Watakila kin tsallake."

"Patron, ni zan iya buɗe imel yanzu in sa masa sunan kakanka. Suna ba komai ba ne. Wa ke buɗe akwatin, shi ne magana."

Ban gane sosai ba, amma na tuna ranar nan imel ɗaya ne kuma ta goge shi a gabana. Na ce ta goge. Ta goge. Ta fitar da wayoyin duka. A wannan karon akwai wata da aka rubuta Marwa. Na ce to ga shi, ɗan Marwa ne. Ta ce ta riga ta gaya mini kada in yarda da garin. Na ce to me ya sa suke rubutawa in ƙarya ce? Ta ce in je in tambaye su.

Mijinta Louis ya leƙo ya gaishe ni ya koma.

"Ta ina yake shiga?" in ji ta. Ba ni take tambaya ba, kanta take tambaya. "Modepas sabo. Lambarsa na cire. Imel na cire. Wa ka gaya wa modepas?"

"Karimatu kaɗai."

"Ita wa ta gaya wa?"

Nan zuciyata ta tafi wurin da bai kamata ba. Karimatu tana da ƙane da ke zuwa cin abinci yana taɓa wayarta. Tana da ƙawaye. Wayar tana kwana a kan buhun gyaɗa kowa na wucewa. Na kira ta a gaban Arlette na tambaye ta kai tsaye, don ni ban iya zagaye ba.

Ta ce, "Malam, ka zo ka ɗauki wayar ka jefa a kogin Binuwai. Ka nemi wanda zai riƙa karanta maka." Ta kashe.

Arlette ta ce ba ta ce matata ba ce, cewa za ta yi watakila an turo mata wani abu ta danna. Na ce to ki faɗa da wuri mana. Ta ce ai ban bari ta gama ba.

Ta sake juya wayar. Ta ce ko akwai wani abu da aka dasa a cikin wayata ne. Ta duba abubuwan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, babu komai sai rediyo da Alƙur'ani da wasan da yara suka sa. Ta ce ko an yi wa layina tagwaye ne. Sannan ta ce a'a, da haka ne kod ba zai zo mini ba. Ita ma ta rikice, na gani a fuskarta, kuma hakan bai kwantar mini da hankali ba.

Ta koma wurin lambobi. Biyu. Ta daɗe tana kallo.

"Pus ɗin nan na yayanka. Yaushe rabonka da sa shi a waya?"

"Tun bayan sadakar arba'in."

"Wace shekara?"

"Layya biyu ta wuce. Ta uku ke zuwa."

Ta ajiye wayar a cinyarta. "Ka taɓa sa masa kiredi?"

"Wa zai yi magana da shi?"

"Je ka ɗauko."

Na ce na gaya mata yana ƙarƙashin katifa. Ta ce ta ji, in je in ɗauko. Rana tana tsakiya, irin zafin Garwa da ke sa kwalta ta yi laushi. Na hau moto na je. Karimatu ba ta ɗaga kai ta kalle ni ba. Na ɗaga katifa, na buɗe gwangwani, yana nan cikin takardarsa yadda na naɗe shi. Na dawo na ajiye shi a tafin hannun Arlette.

"Ga shi. Kin gani? Ba wanda ya taɓa."

Ta ɗauko wata tsohuwar waya ta sa shi ta kunna. Muka jira. Babu sanda ko ɗaya ta rezo. Ta kashe ta sake kunnawa. Babu.

"Ya mutu," na ce. "To shi ke nan. Mataccen layi ba ya karɓar kod."

"Kira lambar."

"Ga ta a hannunki."

"Kira da wayarka, Patron."

Na danna ta da ka. Yatsana ya san hanya. Na sa a kunne ina kallon tsohuwar wayar da ke cinyarta, ina jiran muryar matar nan ta kamfani da ke cewa ba a samu ba.

Sai ta fara ƙara.

A kunnena take ƙara, wayar da ke cinyar Arlette kuwa shiru, fuskarta baƙa. Na san ba hankali ba ne, amma na rantse a lokacin nan na zaci shi zai ɗauka ya ce saya ko bari.

Aka ɗauka. "Allo?"

Muryar namiji, ba yaro ba, ba tsoho ba. Ana jin babura a bayansa.

Na ce, "Wane ne?"

Ya ce da Faransanci ni na kira, ni zan faɗi ko ni wane ne.

Na ce da Fulatanci, wannan lambar Halliru ce, mai kilishi.

Ya ce bai san wani Halliru ba, layinsa ne, a kanti ya saya da katin shaidarsa.

Na ce ƙarya yake, layin yana hannuna, ina kallonsa.

Ya yi dariya. Ya ce to in yana hannuna me ya sa nake kiransa? Ya kashe. Na sake kira, bai ɗauka ba. Na sake, an rufe.

Na kalli Arlette. Ta ce in layi ya daɗe ba a kira ba a sa kiredi, kamfani yana karɓe lambar ya sayar wa wani. Abin da ke cikin takardata roba ce kawai. Lambar ta daɗe da tafiya.

"Ba su tambaye ni ba."

"Ba sa tambaya."

"Lambar yayana ce."

"A da."

Ta ce mutumin nan, ko wani da ke riƙe masa waya, ya je Fesbuk da lambarsa, aka nuna masa akwai shafi a kanta, ya ce ya manta modepas, aka tura masa kod. Bai fasa komai ba. Mu muka yi ta goge abin da ya ƙara, imel da lamba da wayoyi, muka bar masa inda ya fara shigowa. Ta ce laifinta ne ma da ba ta tambayi shekara ba tun farko. Na ce ni ba laifi nake nema ba, so nake in gane. Yaya abu zai zama a hannuna kuma a hannun wani?

Ta ce ba ta da wata hanyar faɗa. Ta miƙo mini wayata, lambar tana buɗe, a ƙasanta jan rubutu.

"Danna nan."

Na ce a bari tukuna. Gobe in je ofishin kamfanin in karɓo lambar, in kai musu pus ɗin da takardar rasuwa. Ta ce in je in gwada, amma an yi wa wani rajista da katinsa, ba ta ga yadda za su ƙwace su ba ni ba. Kuma kafin gobe? Yanzu na kira shi, ya san mun gane. In yana da wayo, a wannan zaman da muke yi yana neman kod, kuma wannan karon lambata zai fara cirewa.

Na ce to ta danna.

"Kai ka hana ni. Kai za ka danna."

Na riƙe wayar. Ban san me nake jira ba. A shafin nan babu hoton Yaya, shi ke ɗaukar hoto, ba a ɗaukarsa. Sunansa ne a sama, lambarsa a ciki. Na sani lamba ba mutum ba ce. Na yanka shanu da ba zan iya tunawa ba, ban taɓa jinkiri ba. Louis ya fito da kofin ruwa, ya ga fuskata, ya ajiye ya koma.

"Patron, rana tana tafiya."

Na danna. Aka tambaya ko na tabbata. Na ce mata me aka rubuta, ta karanta mini. Na sake dannawa. Aka nemi modepas, na faɗa ta rubuta. Lambar ta ɓace. Saura tawa, wadda ban ma san ta ba.

Arlette ba ta tsaya ba. Ta sake canza modepas, ta sake duba wayoyin da ke ciki, tawa ce kaɗai, tana cewa Duwala. Ta kunna wani abu da ta ce daga yau duk sabuwar wayar da za ta shiga, ko da modepas, sai an turo kod a layina. Ta ce kuma in riƙa sa wa layin nan kiredi, kada in bar shi ya kwanta.

Na ce yanzu ya fita?

Ta ce duk inda ta san ana shiga ta rufe.

Na ce ba haka na tambaya ba.

Ta ce amsar da take da ita ke nan. Ranar nan ma ta zaci ta rufe.

Ta cire pus ɗin daga tsohuwar wayar ta miƙo mini. Na karɓa, ban san me zan yi da shi ba, na sa a aljihu.

A gida na sami Karimatu tana tankaɗe ƙuli. Na zauna a kan turmi na gaya mata duka. Na ce ba ita ba ce, ba ƙanenta ba ne, lambar Yaya ce aka sayar. Ta ce yaya aka sayar alhali tana ƙarƙashin katifa? Na buɗe baki in yi mata bayani, na ga ni ma ban riƙe shi da kyau ba. Na ce haka Arlette ta ce, kuma na kira wani ya ɗauka.

Ta dakata da tankaɗen. "Wani ya ɗauka?"

"E."

"Innalillahi."

Ta goge hannu ta ɗauko wayarta. Na faɗa mata modepas, ta sa, kod ya shigo tawa, na juya mata ta karanta da kanta. Ta shiga. Ba ta ce ta huce ba, ni ma ban tambaya ba.

Saƙon Madam Laetitia muka tarar a sama. Karimatu ta karanta. Wai da safe wata ƙawarta ta ga an rubuta mata daga shafinmu sannan aka janye saƙon kafin ta buɗe, me ke faruwa kuma?

Na ce a kira ta. Karimatu ta ce me zan ce mata? In na ce ya sake shiga, ta riga ta faɗi abin da za ta yi. Na ce zan gaya mata yadda aka yi.

Ta ɗauka. Na gaya mata ya dawo, bai ci kowa ba, mun gano ta inda yake bi, na cire da hannuna. Ta ce wancan karon ma na ce an gama. Na ce na ce. Ta ce to yanzu mene ne bambanci? Na fara ba ta labarin pus da katifa da kamfani, na ji ina cakuɗa shi, ta ce tsaya, tsaya, ba ta gane komai ba.

"Madam, ni ma ban gama ganewa ba. Lambar Halliru ce. Na cire ta."

Ta san Yaya, shi ya fara tura mata kaya.

Ta ce ba za ta rubuta a guruf ba tukuna. Amma ba za ta ce wa kowa ya saya ba. Ita kaɗai za ta yi oda, rabin abin da ta saba, kuma ba ta shafin ba, da baki, ni da ita. In wata ya wuce ba a ji komai ba, za a sake magana.

Na ce na yarda. Mai yaji ko marar yaji?

Ta ce a raba.

Karimatu ta ce naman da ke kan asabari ba zai kai ba, kuma na bar sa a Pitowa. Na ce gobe da safe zan je mayanka in ga abin da zan samu.